Na rame a watannin laulayi, yanzu sikeli sai hawa yake yi: in rage ci ne?

Amaryar Tumfure:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikin fari ne gare ni, yau sati 24. Kafin in samu cikin kilo 54 nake. Laulayi ya sa ni gaba sosai, ko warin soya albasa na ji daga gidan maƙwabta sai amai, har a sati 12 na koma 52. Daga nan abin ya lafa. A katina an rubuta 53.5 a sati 16, sai 55.5 a sati 20, jiya kuma da na je awo aka ce 58. Wato kilo biyu da rabi cikin wata guda. Yunwa nake ji kamar ana yashe min ciki, ƙarfe ukun dare sai in farka in nemi sauran tuwo. Surukata ta ce in rage ci, in daina shan maganin ƙarin jini, kada ɗan ya yi ƙato in kasa haihuwa da kaina. Mijina ya ce in ci duk abin da raina yake so. Ni kuma na rasa na kamawa. Wannan hawan daidai ne ko ya yi yawa? Kuma me ya sa naman da nake gudu a baya yanzu shi nake mafarki?

Ummu Sadik:
Wa alaikumus salam amarya. Ki ci abinki kawai, ku biyu ne fa. Mai ciki ai kwano biyu take ci, nata da na ɗanta. Ni a cikin Sadik masa goma nake tashi da ita da safe, kuma lafiya lau na haihu a gida.

Hajiya Inna Dukku:
'Yata, kada ki raina maganar surukarki. Mu da muka haifi tara mun ga abin da ba ku gani ba. A zamaninmu mace ta shiga wata bakwai sai a hana ta rake da zuma da duk wani kayan zaƙi, don kada zaƙi ya taru ya tare hanya ranar naƙuda. Ba ƙiyayya ba ce, tsoron wuƙar likita ne. Ki ci daidai wa daida, ki yawaita aikin gida.

Malama Ungozoma:
Amarya, sannu da ɗawainiya. Shekarata goma sha shida ina awo a nan Gombe, kuma tambayarki kusan kullum sai an yi min ita. Kafin in ce komai, nawa ne tsayinki? Ana auna shi a ranar farko ta awo, ki duba gaban katin. Sannan nawa aka rubuta a awon jininki na jiya, kuma an gwada fitsari? Ƙafafunki ko fuskarki sun kumbura?

Amaryar Tumfure:
Anti na duba. Tsayi 1.60. Awon jini 110/70. Fitsari sun ce ba komai. Babu kumburi, zobena ma yana fita yadda ya saba.

Malama Ungozoma:
Madalla. To ki kwantar da hankalinki, bari mu yi lissafin tare.

Ba duk mace ba ce ake so ta ƙara nauyi iri ɗaya. Ya danganta da jikin da ta shigo da shi cikin. Ana ɗaukar nauyinta na kafin ciki a raba da tsayinta, a sake rabawa da tsayin. Naki 54 a raba da 1.6, a sake rabawa da 1.6, ya ba da 21. Duk wadda ta faɗa tsakanin 18.5 da ƙasa da 25 matsakaiciya ce, kuma abin da ake so ta ƙara daga farkon ciki zuwa haihuwa shi ne kilo 11.5 zuwa 16. Wannan ma'auni ne da wata cibiyar likitoci ta Amurka ta fitar a 2009, kuma da shi ake aiki a wurare da yawa.

Kuskuren da kika yi shi ne kin fara ƙirga daga 52, inda laulayi ya kai ki. Daga 54 za ki ƙirga. Ke nan a sati 24 kilo huɗu kacal kika ƙara. Mace irinki akan so ta ƙara ɗan abin da bai wuce kilo biyu ba a wata ukun farko, daga nan kuma ta riƙa ƙara kusan rabin kilo, ko ƙasa kaɗan, duk sati. Da haka ta tafi miki, da yanzu kina wajen 59 ko 60. Kin ga ba ki wuce layi ba, a bayansa ma kike da kaɗan. Kilo biyu da rabin da ya tsorata ki, jikinki ne yake biyan bashin da laulayi ya ci. Saura miki kamar sati 16. In kika ci gaba da ƙara kusan rabin kilo a sati, za ki je haihuwa a wajen 65 ko 66, kuma nan ne daidai bakin abin da ake so.

Maganin ƙarin jini kuwa, don Allah kada ki daina. Ba ya sa ɗa ya yi ƙato. Jini yake ƙara miki, kuma ranar haihuwa jinin nan shi ne jarinki, domin kowace mace sai ta zubar da wani abu.

Maman Biyu Bolari:
Malama kilo 12 fa kika ce? Jaririn da bai wuce kilo uku ba? To sauran taran ina suke zuwa, ba teɓa ba ce kawai? Ni abin da ya sa nake ƙin sikelin awo ke nan.

Malama Ungozoma:
Maman Biyu, mafi yawansa ba kitse ba ne. Ɗan kansa kilo uku zuwa uku da rabi. Mabiyiya ta haura rabin kilo. Ruwan da yake kwance a ciki, wanda ke zuba in faya ta fashe, ya kusa kilo guda. Ita kanta mahaifar da take kamar ɗan ƙaramin gwanda kafin ciki, sai ta kai kusan kilo. Jinin jikin mace yana ƙaruwa da fiye da lita guda, ga ruwan da jiki ke riƙewa, ga nono da ke cika. In kika tara waɗannan kin kusa kilo takwas ko tara ba a zo kan kitse ba. Kitsen da ya rage, kamar kilo uku, a cinya da ƙugu yake taruwa, kuma ajiya ce ta shayarwa. Shi ya sa za ki ga mai jego tana zubewa a hankali in tana ba da nono.

Ummu Sadik:
To ai maganata ce ta fito, Malama. Ta ci kwano biyu.

Zainabu Mai Awara:
A'a Ummu Sadik, ba haka Malama ta ce ba. Ni a wajen awo an taɓa yi mana bayani cewa a wata ukun farko ba a ma buƙatar ƙarin abinci, ɗan bai kai girman yatsa ba. Sai daga wata na huɗu ake ƙarawa, shi ma ba ninki ba. Malamar ta ce ƙarin kamar kofin kunun gyaɗa ne da ƙosai uku ko huɗu a kan abin da kika saba ci a rana. A watannin ƙarshe a ɗan ƙara kaɗan a kan haka, kamar dafaffen ƙwai ko ayaba. Kwano biyu sai dai in 'yan biyu ne, su ma ban ji an ce a ninka ba.

Abu Hanif Jekadafari:
Salam. Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Matata siririya ce tun asali, yanzu tana da ciki wata biyar, mutane sai cewa suke ba na ciyar da ita. Wani mai kemis ya ce akwai maganin ƙiba na ruwa da ke buɗe ciki. Wanne ne ya fi kyau in saya mata?

Maman Biyu Bolari:
Malam ba maganin ƙiba ake tambaya a nan ba. Kuma don girman Allah kada ka ba mai ciki komai daga kemis ba da takardar asibiti ba.

Malama Ungozoma:
Malam Abu Hanif, ka kyauta da ka tambaya kafin ka saya. Kada ka saya. Wasu daga cikin abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba suna sa jiki riƙe ruwa ne, fuska ta kumbura, sukari da jini su hau, mai kallo ya ce ƙiba ce. Kuɗin ka sa a ƙwai da wake da gyaɗa da nono da kifi. Siririyar mace, wadda lissafinta ya gaza 18.5, ita aka fi so ta ƙara da yawa, kilo 12.5 zuwa 18. Amma ba da ido ake ganewa ba. Ka raka ta awo, ka ce a nuna maka layin nauyi a katinta. In yana hawa wata bayan wata, kuma awon cikin da ake yi da tef yana tafiya daidai da satinta, to ka bar mutane da bakinsu. In wata biyu ya wuce bai motsa ba, a nemi dalili: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, tsutsar ciki, ko aiki ya yi mata yawa abinci ya yi kaɗan.

Amaryar Tumfure:
Anti na gode, wallahi har na ji sanyi. Saura ɗaya tambayar. Me ya juya min baki haka? A wata na biyu tsamiya da yalo da ɗanyen mangwaro da gishiri kawai nake iya ci. Shayi da nake sha tun ina yarinya na tsane shi. Yanzu tsamiyar ba ta dame ni ba, tsire nake so da fura mai sanyi.

Hajiya Inna Dukku:
Ɗan ne yake nema, 'yata. Abin da yake so shi yake sa ki kwaɗayinsa. Kuma in mai ciki ta ga abu ta yi kwaɗayi a ba ta, ba a hana ta. Amma mai son nama da yaji haka, mu dai a wurinmu namiji ne.

Fa'iza Kumo:
Hajiya ni kam nama na ci kamar kura a cikina na biyu, kuma mace na haifa. A na uku ban iya ko kallonsa ba, ita ma mace.

Dalibar Jinya:
Bari in faɗi abin da aka koya mana, Malama ta gyara min in na kauce. Akwai sinadarin da mabiyiya ke fitarwa, shi ne wanda tsinken gwajin ciki yake ganowa a fitsari. Yana hawa da sauri a farkon ciki, ya kai ƙololuwa wajen sati 10, sannan ya sauko. Lokacin da yake sama shi ne lokacin da laulayi ya fi tsanani, shi ya sa yawancin mata amai ke fara musu wajen sati 6, ya lafa wajen sati 14 zuwa 16. Hanci ma yana ƙara kaifi, baki ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe ko ɗaci, yawu ya yi yawa. Abu mai tsami yana yanke wannan ɗanɗanon, shi ya sa ake rububin tsamiya da lemon tsami. Da sinadarin ya sauko, ɗan kuma ya fara girma da gaske, sai yunwa ta dawo da ƙarfinta. Don haka duk laulayi daga wannan sinadarin ne.

Malama Ungozoma:
Ƙanwata kin yi ƙoƙari, jimlar ƙarshe kawai zan taɓa. Ba shi kaɗai ba ne. Lokacinsu ya zo ɗaya da laulayi, amma akwai matan da nasu yake sama ba sa ko tofar da yawu, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wani sinadarin daban daga mabiyiya da ke taɓa wurin da ke sa amai a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma furojestaron, wanda ke riƙe cikin. Aikinsa saki: yana sassauta mahaifa don kada ta matse ta fitar da ɗan, amma ba ya tsayawa a nan, har hanji da tumbi yake sassautawa. Abinci sai ya daɗe bai wuce ba. Daga nan ne kumburin ciki da taurin bayan gida suke zuwa.

Amarya, ki shirya, domin bakin zai sake juyawa. Wannan lokacin da kike ciki, wata huɗu zuwa shida, shi ne mafi daɗi: amai ya tafi, ciki bai yi nauyi ba, ga wuri a tumbi. Daga wajen wata bakwai mahaifa za ta taso ta danne tumbin. Za ki ji yunwa, ki zauna gaban kwano, loma biyar ki ji kin cika har wuya, bayan awa biyu yunwar ta dawo. Ƙwannafi kuma zai zo, musamman in kin kwanta bayan cin abinci, saboda bakin tumbin ya saki ga kuma matsi daga ƙasa. Mata da yawa a nan suke tsorata su ce ba sa iya ci. Dabarar ita ce a raba abincin: maimakon a zauna sau uku a cika ciki, a ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a ci na dare da wuri, a sha ruwa tsakanin abinci ba a kansa ba, a ɗaga kai da filo biyu. In ɗan ya sauko ƙasa dab da haihuwa, wasu sukan ji wuri ya buɗe, ci ya dawo. Kuma a sati biyu ko ukun ƙarshe sikeli kan tsaya cak, wannan ba abin tsoro ba ne muddin ɗan yana motsi yadda ya saba.

Fa'iza Kumo:
Ƙwannafin nan ni jar kanwa nake tsotsa, nan take yake kwanciya.

Malama Ungozoma:
Yana kwanciya, gaskiya ne, amma ki bari. Kanwa dangin gishiri ce mai ƙarfi, kuma mai ciki da ake tsaron jininta kada ya hau ba ta buƙatar ƙarin wannan kullum. Akwai maganin ƙwannafi da ake ba masu ciki a asibiti, ki tambaya.

Maryama Bajoga:
Tunda an zo nan bari in faɗi nawa, ko a gida ban faɗa wa kowa ba. Wata shida gare ni. Farar ƙasa nake ci, kullum sai na ci ta naira ɗari biyu. In aka yi yayyafi ƙamshin ƙasa ya tashi, ji nake kamar in kwanta in lashi bango. Ƙanƙara ma haka, ina tauna ta kamar gyaɗa. Abinci kuwa bai dame ni ba, nauyina tun wata huɗu 61 yake, bai motsa ba. In na hau ɗan tudu sai haki. Shi ma cikin kwaɗayin ne?

Ummu Sadik:
Farar ƙasa ai kowa na ci, ni ma na ci. Ba ta komai.

Malama Ungozoma:
Maryama, na ji daɗi da kika faɗa, kuma ba abin kunya ba ne. Amma naki ba irin na amarya ba ne, kada ki jira ranar awo. Kwaɗayin abin da ba abinci ba, ƙasa ko gawayi ko ƙanƙara ko alli, sau da yawa tafe yake da ƙarancin jini. Ga haki, ga nauyi ya tsaya wata biyu a lokacin da ya kamata ya fi hawa. Ki je gobe ki ce a duba miki yawan jini. A takardar za ki ga an rubuta PCV, in ya gaza 33 akwai ƙaranci, in ya yi ƙasa sosai ba ƙwaya kaɗai za a ba ki ba. A duba zazzaɓin sauro kuma, a auna girman cikin.

Ummu Sadik, tana yi. Tana cika ciki ta hana cin abinci, tana riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci da na magani ta hana jiki ɗauka, tana ƙara taurin bayan gida, kuma ba wanda ya san abin da ke cikinta na ƙwan tsutsa ko dalma. Na sha ganin wadda da jininta ya dawo, da kanta ta ce ƙasar ta daina yi mata ƙamshi.

Kina shan maganin ƙarin jinin da aka ba ki, Maryama?

Maryama Bajoga:
Gaskiya na ajiye shi, Anti. Yana tayar min da zuciya, bayan gidana kuma ya koma baƙi sai na tsorata.

Dalibar Jinya:
Baƙin bayan gida daga maganin ne, ba ciwo ba ne. Ki gwada sha da dare bayan kin ci abinci. Kada ki haɗa shi da shayi, shayi yana hana shi shiga jiki. Da lemon zaƙi ko ruwa ya fi.

Zainabu Mai Awara:
To ni a nan nake da ja. In kwaɗayin ƙasa yana nuna jini ya yi ƙasa, ashe maganar Hajiya Inna gaskiya ce, jiki ne ke faɗin abin da ya rasa. Amarya tana son tsire don tana buƙatar jini. Ko ba haka ba?

Dalibar Jinya:
In haka ne me ya sa ba a kwaɗayin zogale da hanta, sai lemon kwalba da cincin? Kuma ƙanƙara ba ta da sinadarin ƙarfe ko kaɗan, amma mai ƙarancin jini ita take nema.

Zainabu Mai Awara:
Ni na yi kwaɗayin kwaɗon zogale kuwa, har rama da tafasa. Kullum sai na aika kasuwa.

Malama Ungozoma:
Wannan gardamar ko masana ba su gama ta ba. Ni abin da na lura, mace tana kwaɗayin abin da ta sani ne. 'Yar Bauchi ta ce masa da miyar taushe, ta Dukku ta ce fura da nono, ban taɓa jin wadda ta yi kwaɗayin abin da ba ta taɓa gani ba. In abin da ran ya so abinci ne mai amfani, a ci. In lemon kwalba ne sau uku a rana, nan ne zan ce a ja birki.

Hajiya Inna Dukku:
To kin ga, Malama, kin dawo kan maganata ta zaƙi.

Malama Ungozoma:
Hajiya, rabinta na karɓa da hannu biyu. Yawan sukari yana sa ƙiba ta wuce kima, kuma macen da ciwon sukari na masu ciki ya kama, ɗanta kan yi girma har ya haura kilo huɗu, kafaɗa ta maƙale a wajen haihuwa. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu. Shi ya sa ake gwajin sukari tsakanin sati 24 da 28, musamman ga mai jiki, ko wadda ta taɓa haifar ƙaton ɗa, ko mai ciwon sukari a danginsu. Inda na rabu da ku shi ne majinar da ke fita a farkon naƙuda, wadda ake cewa zaƙi ne. Wannan toshiyar bakin mahaifa ce, kowace mai ciki tana da ita, ko ta sha rake ko ba ta sha ba. Jiƙe-jiƙen maganin zaƙi kuma na ga ya kawo mana mata da gudawa da naƙudar da ba ta kai lokaci ba.

Rage abinci don ɗa ya yi ƙarami kuwa, ba ya ba da abin da ake nema. Abin da ke sa haihuwa ta tsaya yawanci ƙugun uwa ne da yadda ɗan ya kwanta. Yunwa ba ta gyara ko ɗaya. Abin da take yi shi ne ta kawo uwa ba ƙarfin nishi, ɗa kuma ƙasa da kilo biyu da rabi, mai wahalar kama nono, mai saurin ɗaukar sanyi da ciwo.

Hajiya Inna Dukku:
Allah ya sa mu dace. Ni dai nawa tara ban taɓa hawa sikeli ba. Amma biyu sun koma tun suna cikin tsumma, ban san ko ƙanƙantarsu ce ba. Jikokina dai ina tura iyayensu awo.

Rukayya Pantami:
Ina karantawa tun ɗazu, bari in faɗi nawa don amarya ta san irin hawan da ake tsoro. A cikina na fari, sati 33, na hau sikeli aka ce na ƙara kilo uku cikin sati biyu, alhali ba na ma iya cin abinci saboda ƙwannafi. Takalmina ya daina shiga, zobe sai da aka sa sabulu, da safe idanuna a kumbure. Kowa a gida cewa yake cikin ya karɓe ni, na yi kyau. Kaina yana sarawa ina ganin wasu taurari-taurari, na ɗauka rana ce. Da aka auna jinina 160/110, fitsari kuma aka ce akwai furotin. Ranar ban koma gida ba. Sun ce da na ƙara kwanaki da jijjiga ce za ta biyo baya. An yi min aiki a sati 35, yarinyar yanzu tana aji biyu. Ashe duk ruwa ne, ba ƙiba ba.

Amaryar Tumfure:
Innalillahi. Anti Rukayya sannu, Allah ya raya ta. Yanzu na gane dalilin da Malama ta fara da tambayar zobe da awon jini.

Malama Ungozoma:
Shi ne dalili. Ɗan kumburin ƙafa da yamma, wanda ke saɓewa in an kwana, yawancin masu ciki suna yi. Amma fuska da hannu, da nauyin da ya yi tsalle kilo ɗaya ko fiye cikin sati guda, da ciwon kai ko gani dishi-dishi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, bayan sati 20, wannan asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare ne. Awon jini daga 140/90 ake fara damuwa.

Maman Biyu Bolari:
Malama ni fa? Kilo 92 nake kafin ciki, tsayina bai kai na amarya ba ma. Yanzu wata uku. Na yanke shawarar in yi amfani da laulayin nan in rage, na daina cin abincin dare.

Malama Ungozoma:
A'a Maman Biyu, ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Ke lissafinki ya haura 30, don haka abin da ake so ki ƙara kaɗan ne, kilo 5 zuwa 9 gaba ɗaya, amma ƙari ne dai, ba ragi ba. Ki dawo da abincin darenki. Abin da za ki taɓa shi ne lemon kwalba, sukarin shayi da na kunu, da soye-soye. Tuwon ya ragu kaɗan, miya da ganye da wake su ƙaru. Ki riƙa tattaki da yamma in rana ta yi sanyi. Kuma ki faɗa musu a awo su yi miki gwajin sukari da wuri. Wannan karon ma 'yan biyu ne? In su ne lissafin ya canza.

Maman Biyu Bolari:
Ban yi sikanin ba tukuna. Sati mai zuwa in sha Allah.

Fa'iza Kumo:
Wani abu kuma, sikelin ma ba duka ɗaya ba ne. Ni na asibitinmu da na kemis ɗin unguwa kilo biyu ne tsakaninsu. Kuma ranar da na sa babban hijabi da takalmi mai tudu na sha fura kafin in hau, daban da ranar da na je da sassafe. Amarya ki tsaya a sikeli ɗaya, ki cire takalmi.

Abu Hanif Jekadafari:
Na duba katin matata yanzu. 47, sai 48.5, sai 50.5. Ke nan yana hawa. Na fasa maganin. Amma ƙwai ya yi tsada, Malama, kullum ba zai yiwu ba.

Zainabu Mai Awara:
Malam ba dole sai ƙwai ba. Waken suya mudu ɗaya zai yi mata awara da madara na kwanaki. Ga alale, ga ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ga busasshen kifi a daka a zuba a miyar kuka. Nono dai a tabbatar an dafa shi kafin a ɗaura.

Amaryar Tumfure:
Na karanta wa mijina duka. Ya ce shi zai yi wa Mama magana da kansa a kan maganin ƙarin jinin, don ni ba zan iya musu da ita ba. Ranar awo na gaba kuma zan roƙe ta ta raka ni ta ji daga bakin malaman. Cin dare ne ban san yadda zan yi da shi ba, jiya ma sai da na tashi. In ajiye gyaɗa da ayaba kusa da gado, ko in daure har asuba?

Ummu Sadik:
Daure me? Ki ci tuwonki.

Dalibar Jinya:
Gyaɗar da ayabar sun fi, tuwo da tsakar dare ki koma ki kwanta zai tayar miki da ƙwannafi nan gaba.

Maryama Bajoga:
Na dawo daga asibiti. PCV 26. Sun canza min maganin, sun ba ni na tsutsa da na zazzaɓi, sun ce in koma bayan sati biyu a sake dubawa. Farar ƙasar na ba ƙanwata ta zubar, amma wallahi har yanzu raina yana kanta. Anti, kwana nawa yake ɗauka kafin son ya tafi?